Kashi 30 na banki ko kashi 18 na murabaha: wanne zai fi cin aljihuna?

"Assalamu alaikum. Ina sayar da albasa a kasuwar Mayil 12. Na ga wata Corolla tokumbo a Berger, miliyan 15, ni kuma miliyan 5 ke hannuna. Bankina ya ce zai ba ni rancen miliyan 10 na shekara uku da ruwa kashi 30 cikin ɗari. Wani bankin Musulunci kuma ya ce zai saya ya sayar min, ribarsa kashi 18 a shekara. Abokina ya ce duk kanwar ja ce. Wanne ne zan fi biyan kuɗi da yawa?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin komai, ka ajiye lambobin nan biyu, 30 da 18, a gefe, domin ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Na yi shekaru a teburin ba da rance a wani banki a Ikeja kafin na koma duba wa 'yan kasuwa littattafansu, kuma kusan duk wanda ya kawo min irin takardun nan biyu, wurin da idonsa ke fara sauka ke nan. Ya ga 18 ta fi 30 ƙanƙanta, sai ya ɗauka ya tsira da kusan rabin kuɗin. Bari mu buga lissafin a kan miliyan 10 ɗinka ka gani da idonka.

Lissafin watanni 36

Bankin kasuwanci yakan ɗora ruwansa ne a kan abin da ya rage na bashi, ba a kan abin da ka karɓa tun farko ba. Kashi 30 a shekara shi ne kashi 2.5 a wata. A watan farko ana bin ka miliyan 10 cif, don haka ruwan watan Naira 250,000 ne. Biyan da za a yanka maka kowane wata zai kama Naira 424,516. Ka ga a cikin biyan farko 250,000 ta tafi ruwa, 174,516 kawai ta taɓa uwar kuɗi. Wata na biyu bashin ya ɗan ragu, sai ruwan ma ya ɗan ragu, abin da ke shiga uwar kuɗi ya ƙaru. Haka za a yi ta tafiya har wata na 36, inda kusan duk biyan uwar kuɗi ce. Idan ka tara 424,516 sau 36 za ka samu Naira 15,282,576. Ruwan da ka biya ke nan ya kai miliyan 5 da dubu 282 da 'yan kai.

Shi kuwa kashi 18 da aka faɗa maka a murabaha, wato cinikin da bankin zai saya ya sayar maka da riba, a yawancin takardun da suka ratsa hannuna, ana buga shi ne kai tsaye a kan dukan kuɗin, sau yawan shekarun. Kashi 18 na miliyan 10 shi ne miliyan 1.8, sau shekara uku ya zama miliyan 5.4. A haɗa da miliyan 10, farashin da bankin zai sayar maka da kasonsa na motar ya zama miliyan 15.4. A raba gida 36, kowane wata Naira 427,778.

To ga shi nan. Mai 30 yana karɓar 424,516 a wata, mai 18 yana karɓar 427,778. Wanda ka zaci ya fi sauƙi shi ne ma ya ɗara da kusan Naira dubu 117 a shekara ukun. Dalilin ba boyayye ba ne: a shekara ta uku, lokacin da ka riga ka biya kashi biyu cikin uku, ribar miliyan 1.8 ɗin nan tana nan yadda take, kamar ba ka rage ko sisi ba. Idan aka mayar da 18 ɗin zuwa mudun da bankin kasuwanci ke aunawa da shi, kashi 30.6 za ta ba ka. Ni abin da nake yi a ka, idan wa'adin shekara uku ne kuma lambobin suna wannan zangon, shi ne in ninka lambar kai tsaye sau 1.7. Ba ta sauka daidai wa daida, amma tana hana mutum ruɗuwa.

In kana da yaro mai taɓa kwamfuta, ko kana da Excel a wayarka, layi biyun nan za su fitar maka da lambobin da na kawo:

```
=PMT(30%/12,36,-10000000)
=RATE(36,-427778,10000000)*12
```

Na farko yana ba ka biyan wata na rancen, na biyu yana gaya maka ainihin kason da ke cikin kowane biyan wata da aka yanka maka, ko wane suna aka sa masa.

Amma kada ka ɗauki lissafina a matsayin takardarka. Akwai bankunan Musulunci da ke fitar da ribarsu ta hanyar ragowar bashi, sai su ambaci lamba babba, akwai kuma kamfanonin ba da rance masu ruwa da ke amfani da lissafin kai tsaye, su ce maka "kashi uku kacal a wata". Idan 18 ɗin da aka faɗa maka a kan ragowar kuɗi ne, to wannan garaɓasa ce, ka riƙe ta hannu biyu. Hanyar ganewa ɗaya ce: ka ce kowane banki ya buga maka jadawalin biya, wata-wata, da jimilla a ƙasa. Ka kuma tambayi na murabahar a kan me ya ɗora ribar, miliyan 10 da ya fitar ko miliyan 15 na motar gaba ɗaya. Ya kamata a kan nasa kuɗin ne. Idan a kan 15 ne, ribar ta tashi daga miliyan 5.4 zuwa 8.1, kuma wannan wata magana ce daban.

Wataƙila ka yi mamakin yadda aka yi lambobin biyu suka zo kusa da juna haka. Kasuwa ɗaya suke ci. Bankin Musulunci ma yana da masu ajiya da ke jiran rabonsu, yana biyan hayar ofis a Legas, yana sayen dizal. Kuma yana da inda zai kai kuɗinsa ba tare da ciwon kai ba: sukuk, wato takardar zuba jari ta tsarin Musulunci, da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2025 yana ba da kashi 19.75 a shekara. Wanda gwamnati za ta ba wannan yana zaune, ba zai sayar wa mai albasa mota a kan ribar da ainihin kasonta bai kai haka ba, alhali motar za ta yi ta shiga ramukan hanyar Ikorodu. Don haka wanda ya shiga Jaiz, ko TAJ, ko Lotus yana tsammanin "babu ruwa" na nufin "babu ƙari", zai fito ransa a ɓace, kuma ba su suka yaudare shi ba.

Inda abokinka bai yi daidai ba

A ranar sa hannu, in dai jimillar kuɗi ake magana, abokinka yana da gaskiya. Bambancin yana fitowa ne bayan an fara tafiya, kuma ba wanda ya taɓa yin shekara uku a ƙasar nan komai na tafiya yadda aka tsara.

Ka buɗe takardar tayin da bankinka ya ba ka, ka nemi layin da ke ƙarƙashin kashi 30 ɗin. Kusan babu shakka za ka ga an rubuta cewa wannan kason zai iya sauyawa gwargwadon yanayin kasuwar kuɗi. Mutane suna tsallake layin nan, alhali shi ne ƙashin bayan takardar. A farkon 2024 ma'aunin ruwa na Babban Bankin Najeriya yana kan kashi 18.75, kafin ƙarshen Nuwamban shekarar ya kai 27.5. Waɗanda ke da rance a lokacin sun yi ta samun saƙo a waya cewa an sake duba ruwansu. Mu ce hakan ta faru da kai bayan wata 12, aka ɗaga daga 30 zuwa 34. A lokacin ana bin ka kusan miliyan 7.59. Biyan watanka zai koma wajen 440,300, kuma a watanni 24 da suka rage ka ƙara kusan dubu 379 a kan abin da ka lissafa. Rancen da ya fi sauƙi da dubu 117 ya koma ya fi tsada da dubu 260 da wani abu.

A murabaha wannan ƙofar a rufe take, saboda ciniki ne, kuma ciniki ya faɗa tun ranar da aka ce an sayar ka ce ka saya. Miliyan 15.4 ita ce farashin, ko Babban Banki ya ɗaga ko ya sauke. Sai dai takobin kaifi biyu gare shi. Idan ruwa ya sauka zuwa 26 bayan shekara, mai rance zai iya samun sauƙin kusan dubu 370, in bankinsa ya sauke masa, kai kuwa kana nan a kan 427,778. Abin da na gani a aiki shi ne saƙon ƙari ba ya makara, na ragi kuwa sai ka je da ƙafarka ka rubuta takarda.

A nan zan ja kunnenka a kan abu ɗaya. Ka tabbata abin da ke kan takardar murabaha ce, ba ijara ba. Bankunan Musulunci suna ba da mota ta hanyoyin biyu, kuma a baki ma'aikaci zai iya ce maka duk ɗaya ne. A ijara motar ta banki ce, kai haya kake biya har ka mallaka a ƙarshe, kuma yarjejeniyar za ta iya ba su damar sake duba kuɗin hayar lokaci zuwa lokaci. Tsayayyen farashin da nake yabawa na murabaha ne.

Idan kuɗi suka shigo da wuri

Wannan shi ne wurin da ya fi shafar ɗan kasuwa irinka, kuma shi ne wurin da mutane ba sa tambaya sai an riga an makara. Mai albashi zai bi jadawali har ƙarshe. Kai kuwa wata shekarar albasa za ta yi tsada kana da ita a rumbu, kuɗi su shigo a dunƙule, ka ce bari in sauke nauyin nan in huta.

A rance lissafin a fili yake. Bayan wata 12 ka biya Naira 5,094,192, amma kusan miliyan 2.69 daga ciki ruwa ne, miliyan 2.41 kawai ta rage uwar kuɗi. Abin da za ka kai don a rufe shi ne miliyan 7.59 ɗin nan, da duk wani kuɗin rufewa da wuri in an rubuta shi a takardar. Ruwan shekara biyun da suka rage ya faɗi, domin ba a kai ga lokacinsa ba.

A murabaha kuwa, bashin da ke kanka farashin mota ne, ba uwar kuɗi da ruwa ba. Ka biya 12 cikin 36, saura 24, wato Naira 10,266,667. A hukunce wannan ake bin ka ko yau ka biya ko baɗi. Abin da ke sauƙaƙa shi shi ne rangwamen da ake kira ibra'i, inda bankin ke yafe wani ɓangare na ribar watannin da ba a kai ba. Idan ya yafe ribar shekara biyun gaba ɗaya, miliyan 3.6, za ka rufe da miliyan 6.67, ka ga ka fi mai rance morewa. Idan ya raba ribar ne ta yadda mafi yawanta ke faɗawa a watannin farko, za ka tashi kusa da miliyan 7.6 ɗin can. Idan kuma bai yafe komai ba, miliyan 10.27. Tsakanin sama da ƙasa akwai miliyan 3.6, kuɗin da ya ninka bambancin dubu 117 da muka fara da shi sau talatin.

Na taɓa raka wani mai sayar da shanu daga Agege don ya rufe nasa bayan Babbar Salla. Ya shigo da tabbacin cewa uwar kuɗi kawai zai biya, har ya ware ta a wani asusu. Ma'aikaciyar ta juyo masa da fuskar kwamfutar, ta nuna masa jimillar da ta rage, ya cire hula ya ajiye a kan tebur, ya ce a sake lissafawa. An yi masa rangwame daga baya, bayan ya rubuta takardar nema an kai ta sama, amma bai kai abin da ya sa rai ba, kuma babu layi ko ɗaya a yarjejeniyarsa da zai kafa hujja da shi. Malamai da yawa suna ganin rangwamen nan kyauta ce daga mai sayarwa, ba a gindaya shi a matsayin sharaɗi a cikin cinikin, shi ya sa sau da yawa ba za ka gan shi a rubuce ba. Duk da haka ba a hana ka tambaya ba. Ka ce: in na zo rufewa a wata na 12, nawa kuka saba karɓa a irin wannan? Da na 24 fa? Ka sa su buga maka lambar, ko da sun rubuta cewa misali ne.

Makara kuma fa? A rance, ƙa'idar cajin banki ta Babban Banki ta yarda a ɗora tarar kashi 1 a wata a kan abin da ka kasa biya, bayan ruwan da ke ci gaba da hawa. A murabaha farashin ba ya hawa, amma akwai tarar jinkiri wadda bankin ba ya sa ta cikin ribarsa, sadaka ake yi da ita ƙarƙashin kulawar kwamitin malamansa. Daga aljihunka dai ta fita. Kuma kowanne cikinsu zai iya ɗauke motar in abin ya yi nisa.

Kuɗin da ke gefe

Duk bankin da ya sa miliyan 10 a mota zai ce sai cikakkiyar inshora, ba ta dubu 15 ɗin da ake nuna wa jami'an hanya ba. Tun Janairun 2023 hukumar inshora ta ƙayyade cewa cikakkiyar inshorar mota ba ta gaza kashi 5 na darajar motar ba. A motarka dubu 750 ke nan a shekara, wajen miliyan 2.25 a shekara uku in darajar ba ta sauya ba. Bankin Musulunci zai tura ka takaful, wato inshorar Musulunci, kuma kada ka sa rai kuɗin zai yi ƙasa sosai. Abin lura shi ne ko za ka biya da hannunka kowace shekara, ko za a cusa ta cikin bashin. In an cusa ta, ita ma ruwa ko riba na hawa kanta. Sai kuɗin gudanarwa, wanda a rance yakan kai kashi 1, dubu 100 ke nan da ake cirewa tun ranar farko, ya kusa cinye ratar dubu 117 ɗin. Sai na'urar bin sawun mota, da kuɗin mai kimanta ta, da rajista.

In ka tattara, motar miliyan 15 za ta tsaya maka a wajen miliyan 22.6 ko ta wace ƙofa ka shiga: biyar ɗinka, goma sha biyar da ɗoriya na banki, biyu da kwata na inshora.

Kafin ka ba dila ko kwabo

Tunda ka riga ka ga motar, ina jin tsoron abu ɗaya. Kada ka ba dilan kafin alƙalami ya rubuta maka rasit da sunanka, in dai murabaha kake nufi. Sharaɗin cinikin shi ne bankin ya mallaki motar tukuna, ta shiga hannunsa da alhakinsa, sannan ya sayar maka. Tsarin yakan tafi haka: ka kawo takardar farashi daga dila da sunan bankin, su tura a duba motar da takardun kwastan, ka sa hannu a kan alƙawarin cewa za ka saya, ka ajiye miliyan 5 ɗinka a wurinsu, su biya dila, sannan a zauna a ƙulla cinikin tsakaninka da su. Idan ka riga ka saya daga dila, bankin ya zo ya biya ragowar, to me ya sayar maka? Kuɗi ya ba ka ya karɓi ƙari, kuma ka san sunan wannan. Na ga wanda sai da ya koma aka warware cinikin farko, dila ya riƙe wani abu a cikin kuɗinsa, kafin bankin ya yarda ya ci gaba.

Ka kuma tuna cewa daga ranar da ta zama taka, lafiyarta a wuyanka take. Bankin ba zai rage ko Naira ɗaya ba don giya ta fara fizga a wata na uku. Ka tafi Berger da bakanikenka, ba wanda dila ya kira ba, a ɗaga kafet a shinshina ko ta sha ambaliya, a sa mata na'ura, a gwada lambar shasi da ta takardar kwastan. Wasu bankunan ma suna da iyakar shekarun motar da za su karɓa, wasu kuma sai daga dilolin da suka amince da su, don haka ka tambayi wannan kafin ka ƙwallafa rai a kan wannan Corollar.

Batun halacci ba fagena ba ne, ni mai lissafi ne, fatawa ta malamai ce. Abin da zan iya cewa shi ne kusancin lambobin biyu ba shi ne ma'aunin da suke dubawa ba, yadda aka ƙulla cinikin suke dubawa. Hausa ma ta haɗa mu da aiki, tunda a rubuce "riba" ɗaya ce, ta ɗan kasuwa da wadda aka haramta, sai a baki ake rarrabe su.

Da ni ne a matsayinka, da murabahar zan ɗauka, amma ba ta shekara uku ba. A wata 24 ribar ta sauka zuwa miliyan 3.6, biyan wata ya hau zuwa 566,667, ka tsira da miliyan 1.8 da inshorar dole ta shekara guda. Rancen ma a wata 24 zai zama 559,128 a wata, jimilla miliyan 13.42, don haka gajarta wa'adin ya fi zaɓen bankin tasiri a aljihunka nesa ba kusa ba. Sai dai kada ka auna ƙarfinka da watan da kasuwa ke ci. Ka ɗauko bayanan asusunka na shekara guda, wanda dama bankin zai nema, ka nemo watan da ya fi kowanne rauni, irin lokacin da kaya ke ruɓewa a mota kafin su iso daga Aliero ko Sakkwato. Idan ribar wannan watan, bayan cefane da haya da kuɗin makaranta, ba za ta ɗauki 566,667 ba tare da ka taɓa jari ba, ka tsaya a 36, ko ka jira kaka ɗaya ka ƙara miliyan 2 a kan biyar ɗinka. Kowace miliyan ɗaya da ka rage a abin da bankin zai fitar tana sauke maka dubu 540 a shekara uku.